Haruffa 220 da Injiniya ke Neman Aiki da Su a LinkedIn

A watan Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar lantarki a Najeriya ta ɗaga kuɗin wuta ga masu amfani da layin Band A zuwa naira 225 kan kowane yunit, daga abin da bai kai naira 70 ba. Masu masana'antu a Sharaɗa da Challawa da Bompai, waɗanda da ma man dizal ya riga ya sa su a gaba, sai suka wayi gari lissafinsu ya rikice. Wasu suka fara tambayar ko sola za ta fisshe su, wasu kuma suka koma suna duban janaretansu da zargi. Duk mai irin wannan tambaya yana bukatar injiniyan da zai zo ya auna, ya faɗa masa gaskiya, a biya shi kuɗin shawararsa ya kama gabansa. Injiniyoyin da suka iya wannan aiki suna nan a Kano da Kaduna da Zariya. Abin da ke da wuya shi ne mai neman ya gane su idan ya ci karo da su.

Ɗaya daga cikin wuraren da ake cin karon shi ne LinkedIn, dandalin ma'aikata da 'yan kasuwa da aka buɗe a 2003, wanda Microsoft ya saya a 2016 kan dala biliyan 26.2, kuma masu rajista a cikinsa suka haura biliyan ɗaya a 2023. Gaskiya ne Alhajin da ya mallaki kamfanin casar shinkafa ba lalle ne ya taɓa buɗe shi ba. Amma manajansa yana ciki, ɗansa da ya gama karatu ya dawo riƙe harka yana ciki, jami'in bankin da zai ba da rancen sayen kayan sola yana ciki. Haka ma kamfanonin da ke haɗa ayarin ƙwararru don neman ayyukan hukumar REA. Ko da baki ne ya kai musu sunan injiniya, abu na farko da yawancinsu za su yi shi ne su rubuta sunan a waya su ga me zai fito.

Abin da zai fito kuwa wuri biyu ne ke ɗauke da nauyinsa. Na farko shi ne layin da ke ƙarƙashin suna, wanda dandalin ke kira Headline, wato kanun shafin mutum. Haruffa 220 kawai yake ɗauka, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Na biyu shi ne sashen About, inda mutum ke bayyana kansa, kuma iyakarsa haruffa 2,600.

Kanun ya fi kowane sashe yawo. Yana bin sunan mutum zuwa sakamakon bincike, yana bin sa idan ya nemi ƙulla hulɗa da wani, yana bayyana duk inda ya tofa albarkacin bakinsa a ƙarƙashin rubutun wani. A yawancin waɗannan wurare, musamman a waya, ba a nuna shi duka. Kalmomin farko ne ke fitowa, sauran a datse su. Idan kuma mutum bai rubuta komai ba, dandalin da kansa yake cike gurbin da muƙamin da yake riƙe da sunan ma'aikatarsa. Shi ya sa dubban shafukan injiniyoyi suke kama da juna, kowa injiniyan lantarki ne a kamfani kaza. Wasu kuma da suka so su gyara sai su rubuta irin wannan:

```
Electrical Engineer | Energy Enthusiast | Problem Solver | Open to Opportunities
```

Ma'anarsa dai: injiniyan lantarki, mai sha'awar harkar makamashi, mai warware matsaloli, a shirye yake idan dama ta samu. Babu ƙarya a ciki, amma babu abin da ya shafi manajan da ke kwana da tunanin kuɗin dizal. Ɓangaren ƙarshe ma ɓarna yake yi, domin yana shelar cewa mai shafin neman aiki yake, kuma wanda ake ganin yana neman albashi ba a cika ba shi aikin shawara da daraja ba.

Mai ɗaukar ma'aikaci yana son ya san wace makaranta mutum ya yi, shekara nawa ya yi yana aiki, wane muƙami ya taka. Mai neman shawara yana da damuwa ɗaya da ke cin sa, kuma tambayarsa ita ce ko wannan mutumin ya taɓa magance irinta a wuri irin nasa. Saboda haka kanun da zai yi aiki dole ya amsa abu uku tun a kalmomin farko: wane aiki ake yi, wa ake yi wa, a ina. Allon shagon da aka rubuta wa "gyaran famfon rijiyar burtsatse" ya fi tsayar da mai wucewa fiye da wanda aka rubuta wa "ƙwararren makaniki", ko da na biyun ya fi iya aiki.

A ɗauki misalin injiniyan lantarki da ya yi shekaru yana kula da wuta a wata masana'anta a Kano, yanzu kuma ya ajiye aiki yana son ya riƙa ba kamfanonin casar shinkafa shawara. Abin da ya fi iyawa shi ne ya auna yadda masana'anta ke shan wuta, ya gano inda ake asara, ya faɗi girman janaretan da ya dace. Kanunsa zai iya zama haka:

```
Energy audits and generator sizing for rice mills and factories in Kano, Jigawa and Katsina | COREN-registered electrical engineer
```

Wato binciken yadda ake shan wuta da tantance girman janareta ga kamfanonin shinkafa da masana'antu a Kano da Jigawa da Katsina, daga injiniyan lantarki mai rajista da COREN. Bai cinye haruffa 220 ba, kuma babu dole ya cinye. Ko an datse shi a waya, abin da zai rage shi ne aikin da waɗanda ake yi wa, don su aka sa a gaba. Muƙami da rajista aka tura baya. Jihohin ukun da ya ambata su ne yankin kamfanin raba wuta na KEDCO, don haka mai karatu zai fahimci ya san layukan da kuɗin wutar da suke fama da su.

An bar kanun cikin Turanci da gangan. Akwatin binciken dandalin kalmomin da aka rubuta yake bi, kuma manaja ko jami'in banki a Najeriya da Turanci zai rubuta abin da yake nema. Idan kalmar `energy audit` ba ta cikin shafin injiniya, da wuya ya fito a gaban wanda ya nemi hakan. Injiniyan Maraɗi ko Damagaram kuwa da Faransanci zai rubuta nasa, da kalmomin da masu hulɗa da NIGELEC suka saba. Jin Hausa abin ambato ne a cikin bayanin, domin mai aikin da ke Abuja ko Legas yana bukatar wanda zai iya magana da leburori da masu kula da inji a fili.

Mafi yawan injiniyoyi a nan suke turjewa. Za su ce ai sun iya sola, sun iya wayarin na gini, sun iya gyaran taransifoma, me zai sa su taƙaita kansu ga masu shinkafa? Tsoron yana da tushe, don mai sabon ofis ba ya son ya kori kowa. Sai dai kanun da ya lissafa sana'o'i shida ba ya zama a kan kowa. Mai kamfanin roba da ya ga an ambaci shinkafa da janareta zai gane cewa matsalarsa 'yar uwar waccan ce, zai iya kira. Wanda ya ga jerin komai da komai ba shi da dalilin fifita wannan injiniya a kan na gaba. Sauran ƙwarewar tana da wurinta a ƙasa, a sashen ayyukan da aka yi.

Sashen About shi ke ɗauke da hujja, kuma shi ma yana da tarko. Ko da yake yana ɗaukar haruffa 2,600, layi uku ko makamancin haka ake nunawa, sauran sai mai karatu ya latsa `see more`. Wanda ya ɓata waɗannan layuka da cewa shi mutum ne mai ƙwazo da kishin ci gaba, wanda ya kammala digirinsa a shekara kaza, ya yi asarar wurin da ya fi kowane tsada a shafinsa. Layukan farko na mai karatu ne: a kira matsalarsa da sunan da shi yake kiran ta. Injiniyan misalinmu zai iya buɗewa da abin da ke nufin haka: "Idan kuɗin dizal na cinye ribar kamfaninka na shinkafa, kuma ba ka san ko laifin janareta ne ko na injinan casa ba, aikina shi ne in auna in gaya maka, kafin ka kashe kuɗi a kan sabon inji ko sola."

Jimla ɗaya ce, amma ta faɗi wanda ake magana da shi, da abin da ke damun sa, da abin da za a yi masa, da lokacin da ya kamata ya kira. An kuma rubuta ta da bakin mai shafin. Wasu kan rubuta bayaninsu kamar wani ne ke gabatar da su a wajen taro, "Injiniya wane ƙwararre ne da ya shahara", alhali kowa ya san su suka rubuta. Mai neman shawara mutum yake son ya ji yana yi masa magana.

Bayan buɗewa sai labarin aiki guda, a ba da shi dalla-dalla. Alƙaluman da ke tafe na misali ne, amma suna kusa da abin da ake gani a irin waɗannan injina. A ce injiniyan ya je wani kamfanin casa mai janareta 500 kVA. Irin wannan janareta yana iya ɗaukar lodin kusan kilowat 400. Ya maƙala na'urar auna lodi a babban allon wuta, ya bar ta mako guda tana ɗaukar bayani, ya kuma sa mai kula da inji ya riƙa rubuta litar da aka zuba da awannin da aka yi. Da ya sauke bayanan sai ya ga matsakaicin lodi kilowat 120 ne, wato kashi 30 cikin ɗari na ƙarfin injin. Janaretan dizal da ke aiki a ƙasa haka yana shan mai da yawa a kan kowane yunit, kuma idan ya daɗe a haka man da bai ƙone sosai ba yakan taru, a ga baƙin maiƙo yana tsiyaya a bututun hayaƙi.

A ce yana shan lita 38 a awa. Janareta 200 kVA, wanda zai ɗauki wannan lodin a kashi 75 cikin ɗari na ƙarfinsa, zai sha kusan lita 33. Bambancin lita biyar ne a awa. A awa goma a rana, kwana 26 a wata, ya zama lita 1,300: daga 9,880 zuwa 8,580, ragin kusan kashi 13 cikin ɗari. Kafin ya ba da shawarar ƙaramin injin sai da ya duba babbar motar casa, domin mota kan ja wuta ninki-ba-ninki a lokacin tashi, kuma ƙaramin janareta zai iya durƙushewa idan ba a sa mata na'urar tashi a hankali ba.

Duk wannan ba zai shiga About ba. Abin da zai shiga jimla uku ce ko huɗu: irin kamfanin da garin, abin da aka tarar, abin da aka yi, abin da ya sauya. "A wani kamfanin casa a Kano na tarar janareta 500 kVA yana aiki a kashi 30 cikin ɗari na ƙarfinsa. Bayan awon mako guda na ba da shawarar 200 kVA da na'urar tashi ga babbar mota. Shan dizal ya sauka daga kusan lita 9,900 zuwa 8,600 a wata." An faɗi lita, ba naira ba, saboda farashin dizal yana sauyawa, kuma adadin naira na bara ba ya gaya wa mai karatu na bana komai.

Kashi 13 ba adadi ne mai girgiza mutum ba, kuma akwai jarabar a kumbura shi. Shafuka da yawa suna alƙawarin rage kuɗin wuta da rabi, ba tare da faɗin daga nawa zuwa nawa ba, ko a wane irin wuri. Wanda zai karanta shafin nan sau da yawa shi ma injiniya ne, ko akanta da ke riƙe da rasit ɗin mai, kuma ya san abin da sauya janareta zai iya yi da abin da ba zai iya ba. Adadi madaidaici mai tafe da yadda aka auna shi ya fi shiga ransa. Haka kuma idan aikin na ayari ne, a faɗi ɓangaren da mutum ya yi. Masu harkar injiniya a gari ɗaya sun san juna, kuma wanda ya ɗauki aikin mutum biyar ya ɗora a kansa shi kaɗai, ba a daɗewa labari ya kai ga sauran huɗun.

Sunan kamfanin da aka yi wa aiki kuwa ba a sa shi sai da izininsa. Yawan man da masana'anta ke sha yana nuna yawan abin da take sarrafawa, kuma ba kowane ɗan kasuwa ne zai so abokan gasarsa su ga wannan ba. "Wani kamfanin casa a Kano" ya wadatar. Idan mai kamfanin ya ji daɗin aikin, abin da ya fi shi ne a roƙe shi ko manajansa ya rubuta shaida a sashen Recommendations, inda maganar za ta fito da sunansa da fuskarsa.

Daga nan sai a faɗi yadda ake fara aiki, abin da yawancin shafuka ke mantawa da shi. Mai kamfani bai san me sayen shawara ke nufi ba. Yana tsoron ya kira a ɗora masa kuɗin da bai shirya ba, ko a ɓuge da tallata masa kaya. Layi biyu za su kawar da wannan: ana farawa da ziyarar yini ɗaya a ga wurin, sai awon mako guda, sai rahoto a rubuce mai ɗauke da abin da za a gyara da kiyasin kuɗinsa da tsawon lokacin da kuɗin zai dawo. Idan injiniyan ba ya sayar da janareta ko kayan sola, ya faɗa a fili, domin shi ne babban abin da ya raba shi da dillalan da ke ba da shawara kyauta don su sayar. Idan kuma yana sayarwa ko yana karɓar la'ada, shi ma ya faɗa.

Takardun shaida suna zuwa kusa da ƙarshe, a gajarce. A Najeriya wadda ta fi nauyi ita ce rajistar COREN, majalisar da aka kafa da doka a 1970 don tsara aikin injiniya. Doka ba ta yarda wanda bai yi rajista da ita ba ya yi aiki da sunan injiniya. Zama ɗan ƙungiyar NSE, wadda aka kafa a 1958, abu ne mai kyau, amma ba ya maye gurbin waccan. Wanda rajistarsa ba ta fito ba kada ya rubuta ta a kanu don ana sa ran ta. Akwai kuma iyakar da ma'aikatan gwamnati ya kamata su sani: ƙa'idar ɗa'ar ma'aikata da ke cikin kundin tsarin mulkin 1999 ta hana jami'in gwamnati mai aikin cikakken lokaci gudanar da kasuwanci ko sana'a ta kansa, in ban da noma. Injiniyan ma'aikatar ayyuka da ya rubuta tallan ofishin shawararsa a shafi ya ajiye shaida a kan kansa. Na kamfani mai zaman kansa kuma ya duba takardar ɗaukarsa aiki tukuna.

Layin ƙarshe shi ne yadda za a same shi. A LinkedIn wanda ba a ƙulla hulɗa da shi ba ba kasafai yake iya aika saƙo kai tsaye ba sai ya biya, kuma bayanan tuntuɓa sukan ɓoyu gare shi. Don haka a rubuta adireshin imel na aiki ko lambar ofis a cikin bayanin kansa, a kuma faɗi abin da mai kira zai turo: girman janareta, takardar kuɗin wuta ta wata uku, da litar dizal ta wata. Wannan yana tace masu tambayar banza, kuma wanda ya turo ya riga ya fara aikin. Lambar gida ba ta dace da nan ba, don shafin a buɗe yake ga kowa, har da 'yan damfara.

Akwai maɓalli ɗaya da ke iya rushe duk wannan. A ƙarƙashin `Open to` dandalin yana ba da zaɓin neman sabon aiki, wanda ke iya zagaye hoton mutum da koren zobe mai rubutun `#OpenToWork`, da kuma zaɓin `Providing services` ga masu sayar da hidima. Na biyun ne na mai ba da shawara. A sashen Featured kuma ana iya liƙa shafi ɗaya na rahoton da aka goge sunaye a cikinsa, ko hoton jadawalin lodi na mako guda. Gani ya kori ji.

Gane ko rubutun yana aiki ba shi da wuya. Dandalin yana nuna wa mai shafi sau nawa ya fito a bincike da wasu daga cikin waɗanda suka leƙa shi. Idan masu leƙowar masu ɗaukar ma'aikata ne da ɗalibai, kanun har yanzu da muryar mai neman aiki yake magana. Idan manajoji suna leƙowa amma babu mai tuntuɓa, matsalar tana layukan farko na About ko a rashin hanyar tuntuɓa. Idan ana kira amma ana tambayar farashin batir da faranti, to ba a bayyana cewa shawara ake sayarwa ba. Kafin ma a wallafa, ana iya nuna wa wanda ba injiniya ba kanun na 'yan daƙiƙu a waya, a karɓe, a tambaye shi wane aiki mutumin nan yake yi kuma wa yake yi wa. Idan amsarsa ta tsaya a "injiniya ne", a sake rubutawa. A riƙa gyara abu ɗaya a lokaci guda, a ba shi makonni kafin a taɓa na gaba, domin a san wanne ne ya kawo sauyin.